Kafin a rage buhun siminti: farar ƙasa, toka da abin da bango yake bukata

Duk lokacin da farashin siminti ya yi tsalle, shawara takan yi yawa a bakin gini. Wani ya ce a ƙara yashi, wani ya ce a barbaɗa garin sabulu kwaɓin ya yi santsi, wani kuma ya ji labarin cewa a Indiya har da toka ake gini. Mai gida yana tsaye da lissafin buhuna a hannu, birkila yana jiran umarni, lebura ya riga ya soka shebur cikin yashi. A wannan tsayuwar ake yanke hukuncin da bango zai zauna da shi shekara talatin ko fiye, kuma galibi tambaya ɗaya ake yi: buhu nawa za a rage?

Akwai tambayar da ya kamata ta riga wannan, wato wane aiki ake so kwaɓin ya yi. Kankaren ginshiƙi da na linta da na dakin bene kaya suke ɗauka, ƙarfi ake nema a wurinsu, kuma ba a taɓa ma'auninsu sai da izinin injiniya. Kwaɓin da ake jera bulo da shi da wanda ake filasta da shi aikinsu daban ne. Na jeri shimfiɗa ce tsakanin bulo da bulo, yana raba nauyi daidai, yana toshe hanyar iska da ruwa. Na filasta kuwa rufi ne da ke kare bango daga ruwan sama da rana. Dukansu biyu ana so su manne sosai, su riƙe ruwansu har siminti ya gama kamawa, su kuma jure ɗan motsin da kowane gini yake yi tsakanin zafin bazara da sanyin hunturu. Ƙarfin da ya wuce kima ba ya cikin abin da suke bukata, sau da yawa ma shi ne yake kawo ɓarna.

Dalilin a fili yake. Ƙa'idar Najeriya ta bulon yashi da siminti tana neman ƙarfin da bai gaza megafaskal 2.5 ba ga bangon da ba ya ɗaukar kaya, da 3.45 ga mai ɗauka, kuma bulo da yawa da ake bugawa a bakin titi ba ya kai wannan. Kwaɓin siminti ɗaya da yashi uku kuwa yakan zarce megafaskal 17. Idan aka jera bulo mai rauni da kwaɓi mai wannan taurin, ranar da ƙasa ta ɗan motsa tsaga ba za ta bi layin jeri ba, inda gyara yake da sauƙi, sai ta ratsa cikin bulon kansa. Haka filasta mai yawan siminti take tsukewa ƙwarai idan tana bushewa, ta yi ƙananan tsage-tsage ko'ina, wani lokaci ta ɓamɓaro fuskar bulon ta rabu da bango. Shi ya sa ƙa'idar magina a ko'ina take cewa kwaɓi ya ɗan fi abin da aka shafa masa laushi.

Akwai kuma abin da masu gini da yawa ba su lura da shi ba: buhun da suke saye ya riga ya zo da gauraye daga masana'anta. Asalin siminti shi ne kilinka, dunƙulen da ke fitowa idan an gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai kusan digiri 1,450, sannan a niƙa shi da ɗan jibsam. Yawancin simintin da ke kasuwannin Najeriya an haɗa masa niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa wanda ba a gasa ba. Rubutun jikin buhu yana faɗa. Idan an ga CEM II/A-L, garin dutsen yana tsakanin kashi 6 zuwa 20 cikin ɗari. Idan CEM II/B-L ne, yana tsakanin 21 zuwa 35. Lambar 32.5 ko 42.5 kuma ajin ƙarfinsa ce bayan kwana 28. Wanda zai ƙara wa buhun B-L wata toka da hannunsa ya sani cewa kilinkar da ke ciki ta riga ta ragu, don haka gurbin da ya saura bai kai yadda yake zato ba.

Farar ƙasa: tsohuwar abokiyar yashi

Kafin Joseph Aspdin ya yi rajistar simintinsa a Ingila a 1824, da farar ƙasa duniya take jera dutse da jan bulo. Yadda ake samunta bai canja ba. Ana gasa dutsen a zafin kusan digiri 900, iskar kabon ta fice, a samu dunƙule mara nauyi mai ƙishin ruwa. Idan ya haɗu da ruwa sai ya tafasa, ya yi tururi, ya ruguje ya koma gari ko kunu mai kauri. Wannan jiƙaƙƙiyar ita ce ake gini da ita. Bayan an shafa ta a bango sai ta riƙa shan iskar kabon daga sarari a hankali, tana komawa dutse kamar yadda ta faro. Ba ta da gaggawa: daga waje take taurara zuwa ciki, 'yan milimita kaɗan a wata.

Abin da take ƙara wa kwaɓin siminti birkila yakan ji shi a hannunsa tun cokalin farko. Ƙwayoyinta sun fi na siminti ƙanƙanta nesa ba kusa ba, suna riƙe ruwa, suna kuma sa yashi ya zame a kan juna. Kwaɓin ya yi danƙo, ya kwanta, ba ya zubewa ƙasa idan an watsa shi a bango. Riƙon ruwan nan shi ne babban amfaninta a ƙasa mai zafi. Busasshen bulo yana tsotse ruwan kwaɓin siminti zalla cikin 'yan mintuna, siminti kuwa da ruwa yake kamawa. Idan ruwan ya gudu kafin lokaci, abin da ya rage a tsakanin bulo da filasta gari ne da bai manne da komai ba. Farar ƙasa tana jinkirta wannan gudun. Tana kuma barin danshin da ya shiga bango ya fita, har ma takan cike siraran tsaga da kanta, domin ruwan sama yana narkar da ɗan kaɗan daga cikinta ya ajiye a cikin tsagar, can ta sake taurara.

An daɗe da tsayar da ma'aunai. Ƙa'idar Amurka mai suna ASTM C270 ta kasa kwaɓin jeri gida huɗu, M da S da N da O, daga mafi ƙarfi zuwa mafi laushi. Biyu ne suka shafi gidan zama na yau da kullum. Ajin N shi ne siminti ɗaya, farar ƙasa ɗaya, yashi shida, ƙarfinsa ba ya gaza megafaskal 5.2, kuma ya dace da bangon waje da filastarsa. Ajin O shi ne siminti ɗaya, farar ƙasa biyu, yashi tara, ƙarfinsa yana farawa daga 2.4, ya dace da bangon ciki da ba ya ɗaukar kaya. Wanda ya duba zai ga abu ɗaya a duka biyun: abin ɗauri kashi ɗaya, yashi kashi uku. Ba a yi hakan da ka ba. Kusan sulusin kowane kwanon yashi gurabe ne tsakanin ƙwayoyi, kuma dole a sami abin da zai cike su. A kwaɓin siminti ɗaya da yashi shida, rabin guraben nan a buɗe suke, shi ya sa yake kaushi, yake zubar da ruwa, birkila yake ƙorafi. Farar ƙasa tana cike sauran ba tare da ta mayar da kwaɓin ƙarfe ba.

To, ana samun rangwamen kuɗi? A ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 a kan 12, wato mita 3.6 kowane gefe, tsayin bango mita 3. Idan an cire ƙofa da taga, fuskar bangon ciki ta kai kusan murabba'in mita 40. Filasta mai kaurin milimita 15 za ta ci kwaɓi lita 600, a ce yashi lita 700 saboda wanda zai zube da kumburin da jiƙaƙƙen yashi yake yi. Buhun siminti mai kilo 50 kusan lita 35 ne, cikin kwanon sarki biyu, don haka yashin ɗakin ya kama kwano 40.

Idan aka kwaɓa ɗaya da huɗu, kamar yadda magina da yawa suke so, siminti zai ci kwano 10, buhu biyar ke nan. Idan aka koma ajin N, siminti ya sauko zuwa buhu uku da sulusi, sai a ƙara farar ƙasa mai yawan awo ɗaya da shi, kusan lita 117. Garinta ba shi da nauyi, lita ɗaya ba ta wuce giram 600 da wani abu ba, saboda haka ana bukatar kusan kilo 70, wato buhu uku masu kilo 25. An rage buhun siminti ɗaya da sulusi biyu, an sayi ƙananan buhuna uku na farar ƙasa. Lissafin ya nuna ke nan: idan kuɗin ƙaramin buhun farar ƙasa ya wuce rabin kuɗin buhun siminti da ɗan kaɗan, ba a rage ko kwabo ba. A garuruwa da yawa haka lamarin yake, domin siminti yana kowace kwana, farar ƙasar gini kuwa sai an neme ta wajen masu sayar da kayan tace ruwa ko na masana'antu. Ribarta ta gaskiya tana zuwa daga baya, a filastar da ba ta tsage ba, ba a kuma sake biyan kuɗin ɓamɓarewa da shafe na biyu ba. Wanda ya gaya wa mai gida cewa farar ƙasa hanyar arha ce kai tsaye bai yi masa adalci ba.

Sai kuma matsalar ganewa. Ba kowane farin gari ba ne zai yi wannan aiki. A kasuwa akwai niƙaƙƙen dutse irin wanda masu haɗa fenti suke saye, akwai farin yumɓu, akwai garin jibsam na ado da silin, kuma ana iya kiran kowannensu farar ƙasa. Ga jarrabawa mai sauƙi: a ɗiga ruwan lemon tsami ko ruwan kal a kan ɗan garin. Niƙaƙƙen dutse zai yi kumfa yana tsuwa, haka ma farar ƙasar da ta daɗe a buɗe har ta sha iska ta mutu. Sabuwa mai rai kumfarta kaɗan ce. Sannan a jiƙa cikin kofi ɗaya a ruwa ya kwana. Ta gaskiya za ta wayi gari da laushi da danƙo kamar man shanu, garin dutse kuwa zai kwanta a ƙasan kofi ruwa ya tsaya a kansa. Jibsam shi zai daskare cikin rabin sa'a, kuma shi ne mafi haɗari a cikinsu: idan aka gauraya shi da siminti a wurin da danshi yake, sinadarin salfet da ke cikinsa yana sa kwaɓin ya kumbura daga baya ya farfashe.

Wajen aiki, an fi son a jiƙa garin tun daren jiya, a haɗa shi da yashi, a bar siminti sai lokacin shafawa, kuma abin da aka sa wa siminti a ƙarar da shi cikin sa'a biyu. Wanda ya samo gasasshen dunƙule zai jiƙa da kansa, shi zai zuba dunƙulen cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan dunƙule ba, ya tace, ya bar shi a rami ƙarƙashin ruwa aƙalla mako biyu. Magina na da sukan bar shi wata uku. Ɗan tsakuwar da bai jiƙu ba zai jiƙu a cikin bango, ya kumbura, ya ɓalle filasta ya bar ƙaramin rami mai farin ɗigo a tsakiya. Farar ƙasa tana cin fata, tana iya makantar da ido, don haka safar hannu da tabarau ba ado ba ne, kuma a ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa.

Akwai wani tushe da ke kusa da jama'a: farin ragowar kabayid da masu walda da iskar gas da masu gyaran jikin mota suke zubarwa a bayan gareji. A sinadarance jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ce. Tana iya aiki idan an tattara ta da ɗanyenta, an tace datti, an bar ta cikin ruwa a fili har warin gas ya gushe. Wadda ta bushe a rana wata da watanni ta riga ta sha iska, amfaninta ya tafi.

Toka: wadda ke aiki da wadda ke cika ido

Labarin toka ya bi wata hanya. Ita kaɗai ba ta ɗaure komai. A kwaɓa ta da ruwa ta bushe, iska ta kwashe ta. Amma wasu irin toka suna ɗauke da silika a yanayin da take iya narkewa, kuma idan wannan silika ta haɗu da farar ƙasa a cikin danshi sai su haifar da irin ɗaurin da siminti yake haifarwa. Rumawa sun san wannan. Suna haƙo tokar aman dutse a kusa da garin Pozzuoli, gefen Naples, suna haɗa ta da farar ƙasa, kuma Vitruvius ya rubuta bayaninta tun kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙubbar ginin Pantheon da ke Rum, mai faɗin mita 43, da irin wannan haɗi aka zuba ta kusan shekara 1,900 da suka wuce, tana nan har yau ba rodi ko ɗaya a cikinta.

Siminti na zamani shi kansa yana sakin farar ƙasa yayin da yake kamawa, kuma wannan ce toka take ci. Tokar da ta fi suna ita ce ta tashoshin lantarki masu ƙona kwal, wadda hayaƙi yake ɗaukowa a tare ta kafin ta fice ta bututu. Ƙwayoyinta dunƙulallu ne masu santsi, shi ya sa kwaɓin da aka sa mata yake gudu a ƙarƙashin cokali ba tare da an ƙara ruwa ba. An yi amfani da ita da yawa a madatsar ruwa ta Hungry Horse a Amurka, wadda aka kammala a 1953, a Indiya kuma ƙa'ida ta yarda a sa kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari a wani nau'in siminti da ake sayarwa a buhu, wanda magina can suke son shi don filasta.

Sai dai toka tana da amfani ne a inda take. Lantarkin Najeriya daga iskar gas da ruwa yake fitowa, tsohuwar tashar kwal ta Oji River a jihar Enugu ta daɗe da tsayawa. A Nijar akwai tashar Sonichar a Anu Araren, arewa da Agadas, mai ƙona kwal, amma tsakaninta da manyan biranen kudu tafiya ce mai nisa, kuma kuɗin mota yana iya cinye duk ribar. Ko a wurin da ake samu, sai an bambance tokar hayaƙi mai laushi da gurzazziyar da ke faɗowa ƙasan tanderu, wadda ta fi kama da yashi a aiki.

Abin da manoman shinkafa suke da shi a Kebbi da Jigawa da Kano da kwarin kogin Kwara shi ne ɓuntu. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, idan an ƙona shi kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa yake zama toka, tokar da silika ta kan kai kashi 85 zuwa sama a cikinta. Tan ɗaya na shanshera zai ba da toka kusan kilo 40. A takarda abin sha'awa ne. A aikace komai ya rataya a kan yadda aka ƙona. Tsakanin digiri 500 da 700, da isasshiyar iska, silikar tana zama a yanayin da take aiki. Idan zafi ya wuce 800 ya daɗe, sai ta rikiɗe ta zama ƙyalli mai tauri, ba ta da bambanci da yashi mai laushi, ƙurarta kuma tana cutar da huhu. Idan iska ta yi kaɗan, sai a sami baƙar toka cike da gawayi mai shan ruwa. Tulin ɓuntun da ke cin wuta a bayan injin casa yana da duka ukun a cakuɗe, wani wuri fari, wani toka-toka, wani baƙi. Bayan ƙonawa kuma sai an niƙa ta ta yi laushin siminti, abin da turmi da taɓarya ba sa iya kaiwa da sauƙi.

Tokar murhu ba ta cikin wannan sahu. Yanayinta yana canjawa da irin icen, kuma tana ɗauke da gishirin da ake tace ruwan toka dominsa. Gishirin nan yakan fito a fuskar bango fari-fari, ya tura fenti.

A ɗakin gwaji, hukuncin toka yana da tsari. Ana buga ƙananan dunƙulen kwaɓi masu milimita 50 kowane gefe, wasu da siminti zalla, wasu an maye kashi 20 cikin ɗari da toka, a murƙushe su a inji bayan kwana 7 ko 28. Ƙa'idar ASTM C618 tana neman masu toka su kai aƙalla kashi 75 cikin ɗari na ƙarfin na zalla. Sashen injiniyan gini na jami'o'i da kwalejojin fasaha suna da injin wannan aiki, kuma wanda zai gina gidaje da yawa bai kamata ya tsallake shi ba. Mai ɗaki biyu yana da gwajin da zai iya yi a gida kafin nan: ya haɗa toka awo biyu da jiƙaƙƙiyar farar ƙasa awo ɗaya, ba siminti, ya dunƙula 'yan curi, ya ƙulle su a leda don kada iska ta shiga, ya ajiye a wuri mai ɗumi mako biyu, sannan ya jefa su cikin ruwa. Curin da ya tsaya da taurinsa ya nuna tokar tana aiki. Wanda ya narke ya nuna gari ne kawai mai cika awo.

Ko toka ta ci jarrabawa, tana zuwa da sharaɗi. Ɗaurinta a hankali yake, ƙarfin makon farko yana raguwa, sai bayan wata ɗaya zuwa uku take cim ma siminti zalla, kuma duk wannan idan bangon yana da danshi. Filasta kuwa siririya ce, iska tana dukanta ta ko'ina. A ɗakin da aka yi lissafinsa, maye buhu ɗaya cikin biyar da toka zai yiwu, amma ban ruwan da ake yi na kwana bakwai sai ya koma goma zuwa sha huɗu, safe da yamma. A cikin hunturu, lokacin da wanki yake bushewa kafin a gama shanya, filasta mai toka da aka bari ba ruwa za ta zama gari a goge ta da tafin hannu. A unguwar da ake sayen ruwa a kura, kuɗin wannan ban ruwa yana cikin lissafi.

Garin sabulu shi ne abin da aka fi sa wa kwaɓi a ɓoye, kuma ya kamata a faɗi gaskiyarsa. Yana sa santsi, ba shakka, domin yana cika kwaɓin da kumfa. Amma ba mai iya auna yawan kumfar, kuma kowane kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da ta ƙaru yana zaftare kusan kashi biyar na ƙarfi, yana kuma raunana mannewa da bulo. Garin wanki yana ɗauke da gishirin salfet da ke fitowa a bango daga baya. Akwai ruwan sassauta kwaɓi da aka yi domin wannan aiki, mai ma'auni a jikin galan; idan ana son santsi ba farar ƙasa, shi ya kamata a saya, a kuma bi ma'aunin.

Gwaji a jikin bango

Magina Hausawa ba baƙi ba ne a sha'anin haɗa abin shafe. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, ana shafa ta don ruwa ya zame daga jikin bango. Laso kuwa ana yin sa da katsi, ragowar da ake kwasowa daga ramin marina a ƙona, a haɗa da gashin jima da dafara, kuma da shi ake dalaye ramukan rini irin na Ƙofar Mata su riƙe ruwa. Waɗannan an yi su ne daidai da jikin ginin ƙasa. Da siminti ya zo aka riƙa lulluɓe bangon tubali da shi, sakamakon yana nan a tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Damagaram: filasta ta rabu da bango ta tsaya ita kaɗai, ruwa ya shiga ta tsaga ya kasa fita, ƙasar da ke baya ta jiƙe tana zagwanyewa ba mai gani, har ranar da faifan ya faɗo. A irin wannan bango, yaɓen ƙasa ko shafen farar ƙasa da yashi ya fi siminti dacewa, komai arhar simintin.

Ga ginin bulo, hanya mafi aminci ita ce bangon da za a shafa ya yanke hukunci da kansa. Ana farawa da yashi, domin yawancin laifin da ake ɗora wa siminti nasa ne. A cika rabin kwalba da yashi, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye sa'a uku. Laka za ta kwanta a saman yashin. Idan kaurinta ya wuce kusan milimita 8 a kan yashi mai tsayin milimita 100, yashin yana bukatar wanki ko canji, kuma ba abin da za a ƙara wa kwaɓin ya gyara shi.

Daga nan sai a ware wurare uku a bangon da rana ta fi duka, kowanne mita ɗaya a kan mita ɗaya. A shafa na farko da kwaɓin da aka saba, na biyu da ajin N, na uku da tokar ko ruwan haɗin da ake son gwadawa. Awo da kwano ɗaya za a yi, a share bakinsa, ba da shebur ba. Birkila ɗaya, rana ɗaya, ban ruwa iri ɗaya, a kuma rubuta kowane ma'auni da gawayi a gefensa. Tun a ranar za a ga wanda ya fi kwanciya da wanda ya fi zubewa.

Bayan mako huɗu a dawo da ƙusa da guduma da bokitin ruwa. A ja ƙusa da ƙarfi: siririn layi alamar lafiya ce, idan kuwa ta nitse yashi yana zubowa, ɗaurin ya yi kaɗan ko ruwa ya gudu da wuri. A ƙwanƙwasa da ƙotar guduma a hankali ana saurare, domin wurin da bai manne ba yana amsawa da ƙarar rami. A watsa ruwa a jira ya fara bushewa: siraran tsaga da ido bai gani ba za su bayyana, kuma idan sun yi yawa sun sarƙe da juna, siminti ko laka ta yi yawa, ko an cika gugar fuskar da cokalin ƙarfe. A ƙarshe a sare ɗan gefe da kurfi a duba bayansa. Filastar da ta fito da ɓurɓushin bulo a jikinta ta kama. Wadda ta fito sumul, bayanta da ƙura, ba ta taɓa mannewa ba. Idan za a shafa da farar ƙasa a ciki, a ƙara wa mai fenti haƙuri na wata ɗaya ko fiye, domin fentin mai ba ya jituwa da sabon bango mai kaifin farar ƙasa, kuma daga tushe zuwa layin da ke hana danshi hawa a bar kwaɓi mai ƙarfi na siminti yadda injiniya ya tsara.